Batirin wayata na zuba cikin dare, me zan rubuta wa mai gyara kafin ya canja min shi?

Tambaya: Salam Injiniya. Ni ina wani ƙauye ne a bayan Gagarawa, wayata shekara ɗaya da wata uku a hannuna, batirinta 5000 mAh ne irin na manne. Kwanan nan in na kwanta ƙarfe goma da caji ɗari, kafin asuba ya koma 55 ban taɓa ta ba. Ƙanina zan ba ya kai min ita shagon wani mai gyara a Gumel, kuma na san yana zuwa za a ce a canja batir. Don Allah me zan rubuta wa mai shagon ya duba ta sosai tukuna, kar na yi asarar kuɗi?

Wa alaikassalam ɗan uwa. Kafin mu zo kan takardar bari mu ɗan yi lissafi da abin da ka faɗa, don lissafin shi zai sa mai shagon ya zauna ya karanta maimakon ya miƙa wa yaronsa ya ce ɓalle ta ka sa sabo.

Batirin 5000 mAh, kowane kashi ɗaya da kake gani a saman sikirin yana daidai da 50 mAh. Kashi 45 kenan 2250 mAh suka tafi. Daga goman dare zuwa biyar na asuba awa bakwai ne, in ka raba za ka samu wajen 320 mA wayar ke ja a kowane lokaci, alhali tana ajiye sikirin a kashe. Waya mai lafiya in ta yi barci da gaske abin da take ja ba ya wuce ɗan 10 zuwa 30 mA, a ce ma 20, sau awa bakwai 140 mAh, wato kashi uku kacal. Toh ka ga tazarar. In da tsufan batir ne kaɗai ya kawo wannan zubar, sai dai ya zama abin da ya rage a cikinsa bai fi 300 mAh da ɗan wani abu ba, kuma waya mai irin wannan batirin ko rabin awa ba za ta yi maka kana kallon bidiyo ba, za ta ɗauke. In da rana wayarka tana iya yin awa uku huɗu a hannu kana dannawa, to wallahi akwai wani abu da yake shan wutar cikin dare, kuma sabon batir ma haka zai shanye shi. Ban ce batirinka garau yake ba fa, wata goma sha biyar a zafin Jigawa ya isa ya gajiyar da shi, amma ba shi kaɗai ba ne abin zargi.

Ni na koyi aikin nan a Fam Santa cikin Kano, yanzu kuma ina da ɗan shagona a wajen gari, mafi yawan masu kawo min waya mutanen ƙauye ne irinka, kuma zan faɗa maka gaskiya yadda abin yake daga ɓangarenmu. In yaro ya shigo ya ajiye waya ya ce "wai bata riƙe caji", shikenan bayanin, kuma yana son ya kama motar yamma ya koma, mai gyara ba shi da abin kamawa. Gwajin gaske yana cin dare ɗaya aƙalla, canjin batir kuma minti ashirin ne kuma akwai riba a ciki. Ba sai mutum ya zama macuci ba zai zaɓi na biyun. Don haka aikin farko naka ne, kuma kyauta ne, dare uku kawai zai ci maka, ka jinkirta aiken ƙanin naka zuwa kasuwa ta gaba.

Daren farko ka cika ta, ka rubuta kashin da take kai da lokacin, ka sa ta a Airplane mode, ka tabbatar Wi-Fi da Bluetooth da Hotspot duk a kashe, ka ajiye ta. Da asuba ka rubuta abin da ka gani. In ta sauka da kashi biyu ko uku kawai, to ka kusa kama ɓarawon, galibi maganar sabis ce. Wannan shi ne abin da mutanen birni ba su cika ganewa ba game da wayar ƙauye. In eriya tana nesa da kai, sabis sanda ɗaya yana zuwa yana ɗaukewa, wayar ƙara ƙarfin watsawa take yi don muryarta ta kai ga eriyar, in ya ɗauke gaba ɗaya kuma sai ta yi ta lalube ba hutu, ga layi biyu a ciki kowanne yana nasa laluben, ga shi an bar ta a kan 4G a garin da 4G ɗin sai an hau tudu ko an fita bayan gari ake samu, tana tsalle tsakanin 4G da 3G da 2G har gari ya waye. Ɗakin da aka rufa da kwano mai kaurin bango yana ƙara abin. Sau da yawa mutum zai ce min ai da ba ta yi haka, sai in tambaye shi ko ya canja ɗaki, ko ya ƙara sabon layi, ko eriyar garinsu ta fara ɗaukewa da dare in man janareta ya ƙare, sai ka ji ya yi shiru ya ce ai kuwa. Maganin wannan ba ya shago, ka kashe layin da ba ya kamawa a gida, ka mayar da ita kan 3G ko 2G da dare, ko ka kashe data kafin ka kwanta. Sai dai akwai wani lungu a nan: in wayar maƙwabcinka mai layi irin naka tana cika sanda a ɗakinka taka kuma tana sanda ɗaya, kuma bayanta ta sama yana ɗumi in kana kira, to wataƙila wayar eriya ta ciki ce ta saki ko ɗan guntun kayan injin da ke ƙara ƙarfin sabis, irin waɗanda muke ce wa aisi, ya fara lalacewa, wannan kam sai an buɗe.

In a Airplane mode ɗin ma ta zuba sosai, dare na biyu sai ka sa ta a Safe mode. A yawancin wayoyin Android in ka danne maɓallin kunnawa, ka ɗora yatsa ka riƙe a kan Power off, za ta tambaye ka ko ta tashi a Safe mode. A nan duk manhajojin da kai ka sauke ba sa aiki, sai waɗanda ta zo da su. In zubar ta tsaya, to wata manhaja ce ke hana ta barci. Ka shiga Settings ka nemi Battery ka duba wace ce a sama alhali ba ka buɗe ta ba. Waɗanda na fi kamawa su ne waɗanda aka tura wa mutum a wajen masu tura finafinai da waƙoƙi, da masu cewa suna share datti ko sanyaya waya ko ƙara mata gudu, da masu alƙawarin data kyauta, wasu ko hotonsu ba ya fitowa a sikirin, sai dai ka ga talla tana faɗo maka ba gaira ba dalili. Cire su ya wadatar, ba sai an yi wa wayar filashin ba.

Dare na uku ka kashe ta ɗif, ba kulle sikirin ba, kashewa gaba ɗaya. Waya a kashe bai kamata ta ja komai da za ka lura da shi ba, in ka kunna da safe ka tarar da ita inda ka bar ta, ko ta rage kashi ɗaya ko biyu. In ka kashe ta a ɗari ka kunna ta a 75, to ba sabis ba ne ba manhaja ba ce, abu biyu ne suka rage, ko dai batirin yana zubar da kansa daga ciki, ko kuma injin wayar yana yoyon wuta. Kuma a nan ne kai ba za ka iya rarrabewa a gida ba, sai mai kayan aiki. Wannan shi ne ainihin abin da za ka roƙa a takardar.

Bari in ba ka wani da ya faru a teburina don ka ga yadda ake rarrabewar. Wani manomi ya kawo min waya bayan damina, an riga an canja mata batir sau biyu a wasu wurare cikin wata biyu, kowanne ya yi kwana biyu yana murna sai abin ya dawo. Batirinta 5000 ne kamar taka. Na tambaye shi ko ta taɓa shiga ruwa ya rantse bata taɓa ba, da muka ci gaba da hira sai ya tuna ruwa ya taɓa dukansa a gona tana aljihun gaba, ya goge ta da riga ta ci gaba da aiki, shi a wurinsa wannan ba shiga ruwa ba ne. Na buɗe, na cire soket ɗin batir, na auna batirin da mita yana bolt 4.1, na ajiye shi gefe shi kaɗai. Sai na jona injin a na'urar ba da wuta ta kan tebur, wadda muke ce wa fawa sufulai, na saita ta a bolt 4, ban danna maɓallin kunnawa ba. A lafiyayyar waya allon na'urar zai nuna sifili har sai ka danna. Tata nan take ta hau 150 mA ta zauna. Ka lissafa, 150 sau awa takwas 1200 mAh ne, kusan kashi 24 kenan na batirin a dare ɗaya wayar tana kashe, in tana kunne sai ka ɗora nata cin a kai. Na ɗaga murfin ƙarfen da ke kan injin, na hura hayaƙin rozin, wani ƙaro da muke aikin dalma da shi, ya kwanta fari a kan kayan, na sake ba ta wuta, sai farin ya narke a wuri ɗaya da ya ɗau zafi, wani ɗan kafasito da bai kai ƙwayar gero ba a kan layin wutar batir, gefensa ya yi kore saboda tsatsar ruwan nan. Na cire shi na wanke wurin na sa wani daga tsohon inji, allo ya koma sifili. Washegari na sake auna batirin da na ajiye, yana nan a 4.1 ɗinsa bai motsa ba, wato lafiyarsa ƙalau, kuma ina kyautata zaton na ainihi da aka fara cire masa aka jefar shi ma haka yake. Abin da ya fi ci min rai kenan, don batirin da waya ta zo da shi daga kamfani ya fi mafi yawan na kasuwa, an raba shi da mai kyau an ba shi na ƙasa da shi kuma ya biya sau biyu.

Yanzu kar ka ɗauka kullum inji ne. Batir yana mutuwa, kuma yana da alamominsa daban da na yoyo. Irin batirin wayoyin nan bayan cikawa da ƙarewa kamar sau 300 zuwa 500 yakan koma wajen kashi 80 na ƙarfinsa, zafi kuma yana gaggauta abin, masu ƙera waya da kansu sukan ce kar a wuce digiri 35, mu kuwa a bazara daga Maris zuwa Mayu inuwa ma tana haura 40. Ga shagon caji, wayoyi talatin a jibge kan juna cikin akwati ƙarƙashin rufin kwano, janareta yana hawa yana sauka, kowace da cajar da aka samu. Gajiyayyen batir za ka ga yana cika da wuri fiye da da, yana tsalle daga 40 zuwa 15 cikin minti kaɗan, ko wayar ta ɗauke a kashi 30 daidai lokacin da ka buɗe kyamara ko kira ya shigo, in ka jona caja ta kunna ta nuna maka 28. Dalili shi ne tsohon batir in aka matsa masa da nauyi bolt ɗinsa faɗuwa yake ƙasa da inda wayar za ta iya tsayawa, wajen 3.4, sai ta kashe kanta. Mai gyara yana iya auna wannan da ƙaramar mitar da ake sawa tsakanin caja da waya: a bar ta ta ƙare, a kashe ta, a cika ta da caja ta bolt 5, lafiyayyen batirin 5000 zai sha wani abu tsakanin 4000 da 5000 a mitar, in ya cika a 2000 to ya gama yayi, a canja shi ba gardama. Sai alama ɗaya da ba ta son jira ko gwajin dare uku: in murfin baya ya fara ɗagowa ko sikirin ya fara ɓullowa ta gefe, batir ya kumbura, ka kashe ta, kar ka ƙara caja ta, kar ka danne shi ko ka huda shi, kar ka kwana da ita ƙarƙashin matashi, a kai ta a cire.

Toh ga takardar. Ka rubuta a takarda ka naɗe wayar da ita, ka kuma tura masa ta WhatsApp in kana da lambarsa ta wayar wani, don baki yana mantuwa a hanya. Lambobin dare ukun da na sa misali ne, ka sa naka na gaskiya ko da ba su yi kama da waɗannan ba.

Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki, ya kasuwa, ya iyali. Da fatan kana lafiya.

Ga wayata nan na aiko ƙanina da ita. Shekara ɗaya da wata uku ina riƙe da ita, sabuwa na saya, ba a taɓa buɗe ta ba, batirinta 5000 mAh ne na ainihi. Kimanin sati uku kenan ta fara zubar da caji cikin dare. In na kwanta ƙarfe goma tana ɗari, biyar na asuba tana 55, ban taɓa ta ba. Da rana in ina amfani da ita tana kai ni wajen awa huɗu. Ba ta tsalle daga wani kashi zuwa wani, ba ta ɗaukewa sai ta kai ƙasa da biyar, murfinta bai ɗago ba, amma da safe nakan ji bayanta da ɗumi ta sama kusa da kyamara.

Na gwada ta dare uku. A Airplane mode ta sauka daga 100 zuwa 66 cikin awa bakwai. A Safe mode haɗe da Airplane mode ta sauka zuwa 68. Da na kashe ta gaba ɗaya na kunna da safe na same ta a 74. Layi biyu ne a ciki, sabis a garinmu sanda ɗaya zuwa biyu ne. A shagon caji na janareta nake caja ta, ba da cajarta ba. Ba ta faɗa ruwa ba, amma wata ɗaya da ya wuce yayyafi ya taɓa ta a aljihuna, ta kuma taɓa faɗuwa daga kan babur sau ɗaya.

Abin da nake roƙo, don Allah kar a canja batir tukuna. A taimaka a cire soket ɗinsa a jona injin a fawa sufulai a ga ko yana jan wuta a kashe, a faɗa min mA nawa ya nuna. A auna bolt ɗin batirin yau, a ajiye shi shi kaɗai, a sake aunawa gobe. A duba ƙasan caji da cikin injin ko akwai tsatsa. Ban matsu ba, ta kwana ɗaya ko biyu a wurinka, kuma zan biya kuɗin dubawa daban ko da ba a canja komai ba, ka faɗa wa yaron nawa ne.

In an gano matsalar a kira ni a lambar da ke ƙasa a faɗa min ita da kuɗinta kafin a taɓa komai. In batirin ne ya mutu na yarda a canja, a faɗa min wane iri za a sa da kwana nawa za ka tsaya min a kai, a kuma ba yaron tsohon ya taho min da shi. Don Allah kar a yi mata filashin ko a goge ta sai da izinina, akwai hotuna da lambobin mutane a ciki.

Na gode ƙwarai, Allah ya sa albarka a sana'a. Naka, wane ɗan wane, daga gari kaza, lambar waya kaza.

Akwai wurare biyu uku a takardar da nake so ka fahimci dalilinsu don kar ka cire su. Maganar biyan kuɗin dubawa ita ce ƙashin bayanta. Mu a nan an saba in ba a canja wani abu ba mai waya yana ganin ba a yi aiki ba, sai ya ɗauki wayarsa ya ce na gode ya tafi, bayan ka ɓata awa biyu a kanta. Wannan al'adar ce take tura masu gyara su canja kaya ko da ba su tabbatar ba, don ta nan kaɗai kuɗinsu ke fitowa. Da ka ce za ka biya dubawa ka cire masa wannan matsin, kuma ka nuna ka san awonsa aiki ne. Sannan ka lura ban sa ka koya masa sana'arsa ba ko ka ce kar a cuce ni, kalma ɗaya irin wannan tana iya sa mutum ya mayar maka da wayarka ko ya yi aikin da fushi. Ka roƙi lamba kawai, mA nawa, bolt nawa. Wanda ya auna zai faɗa maka nan take ba tare da tunani ba, wanda kuma ya ce "ai mun duba batir ne" ka ce nawa ya nuna ya fara kewaye-kewaye, to bai auna ba, wataƙila ma ba shi da na'urar. Wannan ba laifi ba ne, shaguna da yawa canjin sikirin da ƙasan caji da batir kawai suke yi, aikin inji sai su tura Kano, amma gara ya faɗa maka ka san inda za ka nufa.

Maganar yayyafi da faɗuwa kuma kar ka ɓoye. Mutane suna jin tsoron in sun faɗa za a ƙara musu kuɗi, alhali ɓoyewar ce ke ƙara kuɗin, don in na san ruwa ya taɓa ta na san inda zan fara dubawa, gefen ƙasan caji da wajen ramin sim da bakin sifika, in na san ta faɗi zan fara da soket da wayar eriya. Da na buɗe ma zan gani, akwai ɗan farin tambari a cikin wayoyi da yawa da yake komawa ja in ruwa ya taɓa shi.

Kafin ka miƙa wa ƙaninka ita ka cire layukanka da memori, ka fita daga manhajar banki, ka kwafe hotunan da ba ka son rasawa. Duk awon da ka roƙa a takardar ba ya buƙatar lambar buɗe wayarka, a kashe ake yinsa. In daga baya ya ce yana son ya ga cinta tana kunne, ƙaninka ya buɗe masa yana tsaye. Ka rubuta lambar IMEI ɗinka ka ajiye, in ka danna *#06# za ta fito, ya kuma karɓi ɗan rasit ko katin shago mai sunan wayar da ranar da aka ajiye ta.

In sakamako ya dawo ga yadda za ka karanta shi. In ya ce injin sifili yake a kashe, batirin kuma da aka ajiye shi kaɗai ya sauka sosai cikin dare, misali daga 4.2 zuwa 3.9, to batirin ne yake zubar da kansa, a canja. In ya ce injin yana jan 100 ko 200 mA a kashe batirin kuma bai motsa ba, a bar maka batirinka a nemo abin da ke yoyo. In ɗan kafasito ne aikin mai sauƙi ne, in aisin caji ne ko babban aisin wuta kuɗin zai ɗaga kuma yana son hannu mai kyau, don zafin da ake hura wa inji wajen cire shi yana iya taɓa na kusa da shi, a nan ka tambaye shi kai tsaye ko ya saba yi, ka kuma gwada kuɗin da darajar wayar a yau kafin ka ce a ci gaba. Yana yiwuwa kuma su haɗu duka biyun, don yoyo na sati uku yana sa batir ya yi ta ƙarewa ƙaf yana ɗumi, hakan yana gajiyar da shi, in haka ne a fara gyara injin, ka karɓe ta ka yi sati da tsohon batirin ka ga awa nawa yake kai ka, sannan ka yanke shawarar canjawa.

In har ta kai ga sabo, kar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Batirin da girmansa ɗaya da naka ba zai zama 8000 ba don kawai an buga haka a jikinsa. A duba lambar samfurin da ke rubuce a jikin tsohon a sa mai irinta, kuma daren farko da ta dawo hannunka ka sake gwajin kashewar nan, ka cika ta ka kashe ka kunna da asuba, in ta rage fiye da kashi biyu ko uku ka kira shi a ranar tun kwanakin da ya tsaya maka ba su ƙare ba.